Makanike ya ce in sauya turbo, in yarda?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata mai dizal ce, injin lita 2.5. Da na taka totur a Hawan Kibo sai ta mutu murus, ga baƙin hayaƙi, ga wani huci "fuuu" daga gaba. Makanike ya ce turbo ya tafi. In saya?

Tsohon makanike: Wa alaikumus salam. Kada ka saya tukuna, Alhaji. Turbo fanka biyu ne a kan ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da injin ya fitar, kafin ya kai salansa, shi ke juya ta farko. Ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga filta ta danna ta cikin injin. Gudunsu yana wuce juyi 100,000 a minti. Injinka yana shan iska kusan lita 2.5 a kowane juyi biyu. Idan turbo ya ƙara matsi na "bar" ɗaya, wato kwatankwacin matsin iskar waje, iskar da ke shiga wannan wurin ta kusa ninkawa, sai a ba ta mai daidai da ita. Daga nan ƙarfin yake fitowa.

To, iskar nan tana bi ta tiyo zuwa intakula ta huce kafin ta shiga injin. In tiyon ya tsage ko kilif ya saki, turbo yana aikinsa amma iskar tana tserewa a hanya. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, shi ne baƙin hayaƙin. Hucin kuma ba ka jinsa sai a hawa, domin sai hayaƙi ya yi yawa fankar ke ɗaukar gudu. Ka matsa kowane tiyo da hannu, ka duba ƙarƙashinsa. Inda ya tsage za ka ga jiƙar mai da ƙura ta manne.

Direban Zariya: Bel ɗin turbo ne ya saki, a ɗaure shi kawai.

Tsohon makanike: Ba shi da bel, ƙanena. Mai bel wani abu ne daban, sufacaja.

Hajiya mai tifa: Tawa ma ta yi haka, amma hayaƙin shuɗi ne, tana kuma shan baƙin mai. Sai da muka sauya turbon.

Tsohon makanike: Naki daban ne, Hajiya, mai ne ke yoyo ta cikin turbon yana ƙonewa. Alhaji, a kashe mota ta huce, a cire tiyon bakin turbo, a kama fankar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba komai. In tana gaba da baya, ko tana gogar jikin gidanta, ko ƙurar hunturu ta cinye bakin fukafukanta, to makanikenka ya yi gaskiya.

Direban Zariya: Ni dai har yanzu ina zargin nozul. Shi ma yana kawo baƙin hayaƙi.

Tsohon makanike: Yana kawowa, amma nozul ba ya huci.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Gobe za mu fara da tiyon, in Allah ya yarda.