Wane Suna Za a Raɗa wa Waƙar Akushi?

Ta Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ga 'yar waƙata, na sa mata suna "Uwa Mai Jira", amma raina bai kwanta ba. Ku duba mini.

Inna ta kwashe tuwo da magariba,
Ta ware malmala guda a akushi.
Ta rufe da faifai, ta kai bakin ƙofa,
Kowa ya ci nasa, ba a taɓa akushi.
Takalmansa na nan ƙarƙashin gado,
Da asuba ita ke wanke akushi.

Ɗan Bolari:
Ƙanwata, waƙarki ta taɓa zuciya,
Sunan ne ya zubar da zance gaba ɗaya.
Wanda ya ga "jira" tun daga sama,
Me ya rage masa a baiti na ɗaya?
Kalmar da ta dawo sau uku ki ɗauka,
Ki ce "Akushi" kawai, kalma ɗaya.

Na Pantami:
In take ake nema, a yi wa Inna kirari:
"Rumfa Sha Shirgi, Uwar Alheri".
Haka na sa wa tawa waƙar bara,
Aka yi ta tura ta ko'ina a gari.

Malama ta Herwagana:
Na Pantami, kirari na waƙar yabo ne,
Wannan kuwa ba yabo ta zo yi ba.
Murya ce ƙasa-ƙasa a tsakar gida,
Ba za ta iya ɗaukar kakaki ba.

Ɗan Bolari, ka gano ciwon sarai,
Maganin ne bai kai ga jijiya ba.
Akushi sau uku ya zauna a ƙafiya,
Na huɗu a sama bai ƙara ko loma ba.

'Yata, sa tafin hannu ki rufe sunan,
Ki karanta kamar ba ke kika rubuta ba.
Me baƙo zai gani? Ga uwa, ga tuwo,
Ga wani da bai zo ya ci ba.
Amma ina ya tafi, kuma tun yaushe?
Wannan ɗango shidan ba su faɗa ba.
To nan ne gurbin da suna zai zauna,
Inda baitocin ba su sa ƙafa ba.

Gwada ki ce mata "Ɗan Cirani":
Zai dawo da damina, ran Inna bai ɓaci ba.
Sake ki ce "Shekara ta Bakwai":
Tuwon ya yi nauyi, alhali ba ki taɓa harafi ba.
Dubi Malam Sa'adu Zungur na Bauchi,
"Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", bai yanke a suna ba.
Tambaya ya aza maka tun daga zaure,
Ka shiga da ita, ba ka san amsa ba.
Sai dai ki zaɓi abin da yake gaskiya,
Wa ake ajiye wa tuwon? Ba ki gaya mana ba.

Ta Jekadafari:
Malama, Yayana ne, ba cirani ya je ba,
Hatsari ne a hanyar Bauchi, bai dawo ba.
An yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in,
Inna ba ta daina ware masa nasa ba.
In na ce "Bayan Arba'in", ya yi?
Hannuna na rawa, ban iya rubutawa ba.

Malama ta Herwagana:
Allah ya jiƙansa, ya ba Inna dangana.
Kin ga sunan farko bai ma dace da ita ba.
Mai jira tana sa ran jin sallama,
Inna ta sani, hannunta ne bai yarda ba.
Da sabon sunan ki koma kan takalman nan,
Da wankin asuba, na kwanon da ba a ci ba.

Ɗan Bolari:
Allah ya gafarta masa, na janye nawa.
Amma Malama, akwai wurin zamewa:
Arba'in ai har mai jego tana yi,
Wani zai zaci zancen haihuwa.
A ce "Bayan Sadakar Arba'in",
Kalma guda ta toshe ɓatan fahimtar kowa.
Sannan in an rera ta a taron mata,
Ba mai ganin suna, sai jin rerawa.
Can mutuwar ta ɓace ke nan?
Ko a sa ta a baiti don masu saurarawa?

Malama ta Herwagana:
"Sadaka" ta shiga, wannan na karɓa.
Baiti kuwa, ni ba zan taɓa ba.
Mai rerawa ta faɗi suna ta ɗan yi shiru,
Kafin ta fara, ai ba haramun ba.

Na Pantami:
Ki yafe mini, ban san rashi ba ne.
Amma ni har yanzu, a sa Inna a suna, haƙƙinta ne.

Ta Jekadafari:
Na rubuta "Bayan Sadakar Arba'in" da fensir,
Ban kai ga sa masa biro ba.
Inna na tsakar gida tana tuƙa na yau,
Ita kam ban karanta mata ba.