Neman taimako kan adadin ƙauyukan da gwajinmu yake buƙata

Assalamu alaikum, malamai masana ƙididdiga. Muna shirya gwajin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a ƙaramar hukumar Dukku ta jihar Gombe, inda ƙuri'a za ta faɗa kan ƙauye sukutum. Da yara za a ware ɗaya-ɗaya, 400 sun isa kowane ɓangare, amma da na ɗauki ICC a 0.05 da yara 50 a kowane ƙauye, sai 1 + (m − 1) × ICC ya ba ni 3.45, wato yara 1,380 a ƙauyuka 28. Kuɗinmu kuwa na ƙauyuka 12 ne a kowane ɓangare, kuma na lura cewa ko nawa na ƙara yara, lissafin ba ya sauka ƙasa da ƙauyuka 20. Shin haɗa ƙauyuka masu kama da juna bibbiyu kafin ƙuri'a zai rage wannan giɓi?