Neman sunan Hausa ga siffofin aikatau biyu na Helenanci

Mai koyar da Helenanci: Salama gare ku, malamai. Ranar Litinin zan shiga darasin aikatau da ɗaliban aji ɗaya a makarantar tauhidi, kuma yawancinsu sun fi ganewa da Hausa. Aikatau na Helenanci yana da siffa uku: wadda aikau yake yin aiki a kan wani, wadda aikin yake faɗawa a kansa, da ta tsakiya, wadda yake yin aikin amma sakamakon ya dawo gare shi. Ina neman suna ga biyun ƙarshe. A takardun da na gada an rubuta "murya ta tsakiya", abin da ya sa ɗalibai suke zaton maganar sauti ake yi.

Ɗan jarida: Idan sauti ne, ai muna da "karin sauti" tun tuni, na sama da na ƙasa da faɗau, sai ka ƙara na tsakiya.

Malamar nahawu: Ka ga illar "murya" ke nan, Malam, ga shi ta riga ta ɓatar da mutum guda. Masana nahawun Girka kalmar diyatesis suka yi amfani da ita, wadda take nuna halin da aikau yake ciki game da aikin, don haka "siga" ta wadatar. Tunda ɗalibanmu sun san aikau da karɓau tun daga sakandare, ina ganin a ce "sigar aikau" da "sigar karɓau", a bar ta tsakiyar tukuna.

Tsohon ɗalibi: Sigar karɓau ba ta buƙatar dogon bayani, domin ita ce aji na bakwai a rabon da Parsons, masanin nahawun Hausa, ya yi wa aikatau a 1960: gyara ta koma gyaru, dafa ta koma dafu. A ce musu haka kawai.

Malamar nahawu: Da gaskiyarka, amma rabi. Bahaushe yana iya cewa "an dafa naman amma bai dafu ba", kuma babu wanda zai ce ya yi tufka da warwara, domin "an dafa" labarin aikin yake bayarwa, "ya dafu" kuwa shaida ce cewa aikin ya kai inda ake so. A lokaci mai ci ma ma'anar takan koma ta yiwuwa, kamar "motar ba ta gyaruwa". Sigar karɓau ta Helenanci ba ta ɗauke da wannan hukunci, saboda haka a mafi yawan wurare "an" ko "aka" ne daidai da ita. Ɗalibin da aka koya wa cewa ita ce aji na bakwai zai fassara "an kama shi" da "ya kamu", ya ƙara wa nassi abin da babu.

Sai dai akwai inda maganarka take zama daram. A Markus 2:2 kalmar sunekthesan tana da ƙirar karɓau sosai, da alamar nan ta "the" a cikinta, amma babu wanda ya tara mutanen, su ne suka zo da ƙafafunsu. A nan "aka tara su" kuskure ne, "suka taru" ne daidai.

Mai sha'awar ƙirƙira: Duk wannan kewaye-kewaye ne. Muna da aikau, karɓau da aikatau, me zai hana mu ce "tsakatau" ga ta tsakiya? Kalma ɗaya ce, tana da daɗin faɗa, kuma ta bi sahun 'yan'uwanta.

Almajirin zaure: Allah ya gafarta malam, kafin a ƙirƙira sai a duba abin da ake da shi. A zaure mun daɗe muna cewa ma'alumi da majahuli ga sigar aikau da ta karɓau, har da muɗawa'a ga irin su inkasara, wato ya karye. Me ya sa kullum ake tsallake ilimin da ya yi ƙarnoni a ƙasar nan?

Mai sha'awar ƙirƙira: Domin Larabci ne, mu kuwa Hausa muke nema. Harshen da ba ya iya raɗa wa nahawu suna da bakinsa zai dawwama yana aro.

Almajirin zaure: Ita kalmar "nahawu" da ka rubuta yanzu, daga ina ka samo ta?

Mai koyar da Helenanci: Ku yi haƙuri, malamai, Litinin tana matsowa. Majahuli tana da matsala guda a wurina: ma'anarta ba a san mai aikin ba, alhali Helenanci yana faɗin sa da ƙaramar kalma hupo. Markus 1:9 ya kawo aikin baftisma a sigar karɓau, sannan ya ce hupo Yahaya. Hausa ba ta yarda a haɗa "an" da sunan mai yi ba, dole a juya jimlar a ce "Yahaya ya yi masa baftisma".

Malamar nahawu: Haka ne, kuma a gargaɗe su kada su ce "Yahaya ne ya yi", domin "ne" tana kawo jaddadawar da babu ita a asali, kamar ana musun wani ne ya yi. Game da tsakatau kuwa, aibinta shi ne wuri take nunawa, ba ta gaya wa ɗalibi abin da sigar take yi. Ku dubi aikatau na rance. Danizo a sigar aikau ba da rance ne, kamar a Luka 6:35, amma a ta tsakiya karɓar rance ne, kamar a Matiyu 5:42. Hausa tana yin irin wannan da tushe ɗaya: "ya ranta mini kuɗi" da "ya ranci kuɗi", ko "ya ara mini keke" da "ya ari keke". Na biyun aji na biyu ne, kuma shi ne yake jawo abin zuwa hannun aikau. A wani wurin kuma Hausa ba ta taɓa aikatau ko kaɗan: Matiyu 6:17 yana da sigar tsakiya, mu kuwa "ka wanke fuskarka" muke cewa, mallakar ta ɗauke nauyin. A Matiyu 27:5 sai mun ce "ya rataye kansa". Abin da ya haɗa su duka shi ne aikin ya shafi aikau, shi ya sa nake ba da shawarar "sigar shafar aikau".

Tsohon ɗalibi: To ke nan aji na biyu ne ta tsakiyar, Malama.

Malamar nahawu: A'a, kada mu sake faɗawa ramin ɗazu. Apodidomi mayar da abu ne, amma sigarsa ta tsakiya sayarwa ce, domin kuɗin aljihun mai sayarwa za su shiga. Hausa ta dubi kayan da suke fita daga hannu, ta sa "sayar" a aji na biyar.

Mai sha'awar ƙirƙira: Kalma uku a maimakon ɗaya! Kuma yaya za ku yi da erkomai, "ina zuwa", wadda ba ta da sigar aikau a lokaci mai ci? Wane aiki ne ya shafi wa? Tsakatau ba ta yi alkawarin ma'ana ba, don haka ba za ta saɓa ba.

Mai koyar da Helenanci: Wannan hujja tana da ƙarfi, ranka ya daɗe, ko da yake ana iya cewa mai tafiya jikinsa ne yake motsawa. Akwai kuma wata matsalar: a lokaci mai ci ƙirar ta tsakiya da ta karɓau ɗaya ce, louomai tana iya zama ina wanka ko ana yi mini wanka, sai a shuɗaɗɗen lokaci na awuris da lokaci mai zuwa suke rabuwa. Ranar Litinin zan rubuta "sigar aikau" da "sigar karɓau" a allo, in gwada "shafar aikau" da misalin rance. Inda ƙirar ta haɗu zan ce "ta haɗaka" har a samu mafi kyau.

Mai sha'awar ƙirƙira: Na amince da karɓau kaɗai. Ka ambaci tsakatau ko sau ɗaya ne a ajin, ka ga wadda za su riƙe zuwa jarrabawa.