Wace kalmar Hausa za ta ɗauki ma'anar "fidbak" a darasin dogon tsalle?

Malam Bala: Assalamu alaikum. Ina koyar da motsa jiki a wata makarantar sakandare, kuma a wannan zangon na fara ɗaukar ɗalibai a bidiyon waya yayin da suke dogon tsalle, sannan abokin kowane ɗalibi ya kalli abin da aka ɗauka ya gaya masa abin da ya gani. Ina rubuta takardar da za su riƙa bi da Hausa, domin na lura sun fi kama bayani da ita, amma na tsaya a kan kalmar Turanci da muke kira fidbak, wato bayanin da ake mayar wa mutum kan yadda ya yi abu. Na sa "martani", sai wani yaro ya tambaye ni ko ana nufin ya rama ne idan abokinsa ya kushe tsallensa. Ina neman kalmar da ɗan aji huɗu zai ji ya san abin da ake so ya yi a bakin ramin yashi, haka kuma ina neman sunan wannan dubawa da ɗalibai ke yi wa junansu.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. A ganina "hukunci" ya isa, tun da ana duba bidiyo ne a ga ko ƙafar mai tsalle ta haura layi, kamar yadda alƙalan ƙwallon ƙafa ke komawa ga na'ura kafin su tabbatar da ci.

Malam Bala: Na gode, Malam Habu, sai dai wancan aikin alƙalin gasa ne. Namu koyarwa ce: ko tsallen ya halatta ko bai halatta ba, muna so yaron ya ga yadda jikinsa ya yi, ya sake gwadawa nan take.

Malam Garba: Na shekara da yawa ina horar da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle, kuma shawarata ita ce mu fara duba aikin da kalmar za ta yi kafin mu zaɓe ta. Bayani iri biyu ne ke komawa ga mai tsalle. Na farko shi ne sakamako, wato awon da aka yi daga layin tashi zuwa alama mafi kusa da jikinsa ya bari a yashi, kuma wannan igiyar awo ce ke ba da shi, ba a buƙatar waya. Na biyu shi ne yadda aka yi tsallen, kuma nan ne ido ke gazawa, domin ƙafar tashi ba ta wuce kimanin sakan 0.12 a kan katakon da ake takawa a tashi. Wayar da ke ɗaukar hotuna 30 a sakan za ta ba ka hoto uku ko huɗu na wannan lokacin, galibi a dusashe, amma idan ka sa ta a hotuna 120 a sakan za ka samu kusan goma sha huɗu, ka ga saukar tafin ƙafa, da lanƙwasar gwiwa, da miƙewarta.

Bari in kawo misalin wata yarinya da na horar, mai gudun taku 14, wadda tsallenta ya tsaya a wajen mita 3.60. Ita da ƙawarta duka sun yi imani matsalarta ita ce ba ta tashi sama sosai. Muka ajiye waya a gefe, daidai saitin katako, a tsayin ƙugu, nesa da hanyar gudu da kamar mita takwas domin takun ƙarshe guda uku su shiga hoto, ba tare da an bi ta da wayar ba. Faɗin katakon tashi santimita 20 ne, saboda haka shi kansa ma'auni ne a cikin hoton. Da muka tsayar da bidiyon, sai ga yatsun ƙafarta a bayan katakon gaba ɗaya, kimanin santimita 30 kafin layi, kanta a sunkuye tana neman katakon da ido, takunta na ƙarshe sun zama gajeru suna tsinkewa. Ta yi asarar awo, ta kuma yi asarar gudu. Muka sa ta gudu sau biyar ba tare da tsalle ba, ƙawarta tana tsugune tana sa tsinke a inda ƙafar ta sauka. Da tsinkayen sun taru wuri guda a baya, da sai mu matsar da alamar farawa gaba da wannan tazarar, shi ke nan. Amma sun warwatse, wani a baya, wani ya haura layi, wanda ya nuna cewa takunta na farko ne ba su daidaita ba: wani lokaci ta fara da tafiya, wani lokaci da zabura. Abin da aka gaya mata ɗaya ne tak, cewa ta fara da ƙafa guda daga tsaye kowane lokaci. To, wannan duka, da kallon da maganar guda da sake gwadawar, shi ne abin da muke neman sunansa. "Martani" bai ɗauke shi ba, "tsokaci" kuma na mai kallo ne wanda zai faɗi ra'ayinsa ya wuce.

Malama Rabi: Ni "gyara" nake amfani da ita a makarantar 'yan mata da nake koyarwa, kuma kowa yana fahimta, domin ko a makarantar allo an san malam yana gyara wa almajiri karatu. A takardata na rubuta musu abubuwa tara da za su duba, ciki har da cewa a tashi da kusurwar digiri 45, tun da ita ce ke kai abu nesa. Damuwata ta daban ce: ɗalibai sittin, waya ɗaya, kuma an hana su shigowa da tasu. Sai da na nemi izinin shugabar makaranta da yardar iyaye, ina ɗauka da wayar makaranta, ina gogewa a gabansu kafin a tashi, domin ba zan yarda bidiyon 'yar wani ya fita waje ba.

Malam Garba: Malama, abin da kika yi na neman izini da gogewa shi ne daidai, kuma ya kamata Malam Bala ya sa shi a farkon takardarsa. Amma ki cire digiri 45. Lissafin ya yi daidai ga dutsen da aka jefa, bai yi daidai ga mutum mai gudu ba, domin ba ya iya samar da ƙarfin tashi sama da ya kai saurinsa na gaba a cikin wannan ɗan lokacin. Ƙwararru suna tashi ne a wajen digiri 20. Yarinyar da aka ce wa ta nemi 45 za ta taka birki a katako, ta jingina baya, ta tashi sama ta faɗo kusa. Chioma Ajunwa, 'yar wasan Najeriya, ta ci zinare a dogon tsalle a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 da mita 7.12, kuma asalinta mai gudun gajeren zango ce. Gudun ne jarin, katako wurin juya shi ne kawai. Abubuwa tara kuma sun yi wa ɗaliba yawa. Ki ba ta uku waɗanda amsarsu e ce ko a'a: shin ƙafa ta sauka a kan katako, shin kai yana kallon gaba a lokacin tashi, shin dugadugai sun riga sauran jiki isa yashi ba tare da hannu ya koma baya ba. Batun sauke ƙugu kaɗan a takun da ke kafin na ƙarshe, wanda ya ɗan fi na ƙarshen tsawo, ki bar wa kanki, domin idan ɗaliba ta faɗa wa ƙawarta sai ta durƙusa da gangan gudun ya lalace.

Game da "gyara", ina da ja guda. Sau da yawa abin da bidiyo ke cewa shi ne an yi daidai, a maimaita. Idan sunan aikin gyara ne, ɗalibi zai ga dole ya nemo aibi ko babu, kuma na ga yara suna ƙirƙiro kuskure don kada a ce ba su yi aikinsu ba. Ni ina ba da shawarar "waiwaye". Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya, kuma mai waiwaye bai fasa tafiyarsa ba, ya duba baya ne ya ci gaba.

Malama Rabi: Na karɓi gyaran kusurwar, Malam, kuma zan rage jerin. Sai dai "waiwaye" mutum ne ke yi da kansa. Ya dace da yarinyar da ke kallon bidiyonta, amma idan ƙawarta ce ta ce mata kanki yana ƙasa, ba za a ce ta ba ta waiwaye ba. Hausa ba ta faɗin haka.

Malam Lawal: Ni malamin Hausa ne, kuma ina ganin Malama Rabi ta taɓo inda matsalar take. Baƙuwar kalmar ta haɗa ayyuka biyu da Hausa ta raba, kuma ba laifi ba ne mu bar su a rabe. Kallon kai a bidiyo bayan tsalle a kira shi "waiwaye", a ce "zo ka yi waiwaye". Maganar da aboki ko malami zai faɗa a kira ta "nuni", domin ana cewa ya yi masa nuni, kuma nuni yana iya zama ga daidai ko ga kuskure, sannan yana tilasta mai magana ya ɗora yatsa a kan hoton da ya tsayar maimakon ya ce tsallen bai yi kyau ba. Dubawar da ɗalibai ke yi wa juna kuwa, "duban tsara" ya fi mini "tantancewa", wadda ke sa a tuna da jarrabawa da ɗaukar aiki.

Malam Habu: Yanzu na fahimci tambayar. Amma idan makin da abokin ya bayar zai shiga sakamakon zango, ai "duba" ya yi sauƙi, "auna juna" ya fi dacewa.

Malam Garba: Ni ba na sa makin ɗalibi a sakamakon ɗan'uwansa, domin da zarar an yi haka abota da gaba za su shiga, e da a'a su daina bin abin da ke cikin hoto. Amma na san akwai makarantun da ke buƙatar hakan, kuma a can maganar Malam Habu tana da ƙarfi.

Malam Bala: Na gwada a darasin jiya da rukuni na mutum huɗu: mai tsalle, mai riƙe waya, mai tsinke a katako, da mai share yashi, suna juyawa bayan tsalle biyu. A takarda na rubuta "waiwaye" a saman, sai "nuni guda ɗaya" a ƙasa. "Nuni" ya zauna a bakinsu nan da nan, har na ji wani yana ce wa abokinsa ya tsayar da hoton ya yi masa nunin inda ƙafar take. "Waiwaye" bai kama ba tukuna, suna ta cewa "mu kalla", kuma wasu sun daɗe suna maimaita bidiyon har jikinsu ya huce, don haka na ƙayyade kallo biyu, ɗaya da saurinsa, ɗaya a hankali, sannan a koma layi. A kan "duban tsara" da "auna juna" ban yanke ba, domin sai mako mai zuwa za mu zauna da shugaban sashe a kan ko makin zai shiga sakamako.