Harajin saye da harajin sayarwa: a ina lissafina ya karkace?

Maman Zainab

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa cike takardar harajin VAT da hannunsu su ba mu labarin yadda suka yi, domin lissafin watan jiya ya hana ni barci. Kayan wutar lantarki nake sayarwa, wata uku ke nan da na yi rajista, kuma a inda nake harajin kashi 20 ne cikin ɗari. Ba zan sa sunan kuɗi ba, lambobin dai ga su.

Cinikin watan gaba ɗaya, da na hannu da wanda ya shiga banki, 960,000 ne. Na fitar da kashi 20, ya ba ni 192,000, na rubuta shi a matsayin harajin da na karɓa. Kayan da na saro kuwa 810,000 na kashe, kashi 20 ɗinsa 162,000. Da na ɗebe wannan daga wancan sai ya rage 30,000. Kafin in tura na kai wa mai duba mini littafi. Ya baje rasiɗan a kan tebur, ya ware guda uku ya ajiye su gefe, ya danna kalkuleta sau biyu, ya ce 40,000 ake bi na. Ya yi bayani amma yana sauri, ni kuma nauyin sake tambaya ya kama ni. Ina 10,000 ɗin nan ta fito?

Ɗan Auta

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ba na wahalar da kaina da wannan dogon lissafi. Harajin nan a kan riba yake. Ki duba abin da kika ɗora a kan kaya, ki fitar da kashi 20, shi ke nan. Shekara biyu haka nake yi.

Malam Akanta

Hajiya, kafin in ce komai, rasiɗan nan uku da ya ware, nawa ne jimlarsu? Akwai lambar rajistar harajin mai sayarwa a jiki, da layin da aka rubuta harajin daban?

Maman Zainab

90,000 ne jimlarsu, Malam. Na wani ƙaramin ɗan kasuwa ne da nake karɓar soket a wurinsa, da biro yake rubutawa, babu lamba babu layin haraji. Sauran na babban dila ne, an rubuta kaya 600,000, haraji 120,000, jimla 720,000.

Malam Akanta

To ai ga amsar nan a hannunki. Kuskure biyu kika yi, ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri, shi ya sa ratar ba ta yi yawa ba.

Mu fara da ciniki. Wannan 960,000 ɗin da harajin a cikinsa, domin mai saye farashi ɗaya ya biya ki, ba ki ce masa ya ƙara wani abu a kai ba. Kashi 20 ɗin kuwa a kan kuɗin kaya zalla ake ɗora shi. Idan kaya na 100 ne, mai saye ya ba ki 120, harajin 20 ne cikin 120 ɗin da ke hannunki, wato ɗaya bisa shida. Raba 960,000 gida shida, za ki samu 160,000. Shi ne harajin sayarwarki, naki na kaya kuma 800,000. Gwada ki gani: kashi 20 na 800,000 shi ne 160,000, ki haɗa su ki koma 960,000 cif. Duk lissafin da bai mayar da ke jimlar farko ba, akwai gyara a cikinsa. Ke kin rubuta 192,000, kin ɗora wa kanki 32,000 da babu wanda ya ba ki.

A ɓangaren saye kuma ba a ma buƙatar ki lissafa komai, kwafa ake yi. Abin da aka rubuta a rasit a matsayin haraji, shi ne harajin sayenki, 120,000. Mai biron nan bai karɓi haraji a hannunki ba, bai kai wa hukuma komai ba, don haka babu abin da za ki ce a rage miki a kan 90,000 ɗinsa. Kin rubuta 162,000, kin ƙara wa kanki 42,000. Can kin cuci kanki da 32,000, nan kin ci wa hukuma 42,000, bambancin shi ne 10,000 ɗin da kike nema. 160,000 a ɗebe 120,000, saura 40,000.

Idan a kwamfuta kike ajiye ciniki, jimlar tana layin A, wannan ya wadatar:

```
=A2*20/120
```

Lambar ƙasan ita ce 100 a haɗa da kason harajin. A Birtaniya da Faransa 20 ne, sai 120. A Jamus 19 bisa 119, a Saudiyya 15 bisa 115, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 5 bisa 105.

Ƙanena Ɗan Auta, hanyarka tana dacewa wata rana, amma duba ta a kan lambobin Hajiya. Ta sayar da na 800,000, ta saro na 690,000 idan an haɗa da na mai biro, riba 110,000. Kashi 20 ɗinta 22,000 ne kawai, alhali 40,000 ake bin ta. Lissafinka ba ya fita daidai sai idan duk abin da ka saro da haraji a kansa, kuma ka sayar da shi kaf a watan.

Ɗan Auta

Na ji, Malam. Ni dila ɗaya nake da shi kuma kaya ba sa kwana mini, ƙila shi ya sa ban taɓa ganin bambanci ba. Zan koma in duba watan da na sayi sabon sikeli.

Hauwa Kulu

Yaya, ni abin da ya same ni akasin naki ne. Akwai watan da na cika sito, na saro kaya masu yawa saboda an ce farashi zai tashi. Harajin saye ya kama 210,000, na sayarwa bai wuce 140,000 ba. Na zauna ina kallon takardar, na ɗauka na yi kuskure, domin ban taɓa jin an ce hukuma ce ke da bashin mutum ba. Don tsoro sai na rage harajin sayen, na sa na kayan da suka fita kawai. Daga baya aka nuna mini cewa ba a jiran kaya su fita, watan da rasit ya zo hannunka a nan ake sa shi. Rarar 70,000 ɗin tawa ce. A wurinmu an tura mini ita wata na gaba aka rage daga abin da zan biya. Wata ƙawata da ke wata ƙasa ta ce su kuɗin ake mayar musu, amma sai an zo an duba littattafai.

Bala Direba

Don Allah ni ma a taimaka. Duk sanda na sayi taya ko batir ina ganin VAT a rasit, kuma na tara su a leda fiye da shekara. Ina zan kai su a biya ni?

Hauwa Kulu

Malam Bala, kana da rajistar harajin? Idan babu, ba ka karɓa a hannun fasinja, ba a kuma rage maka. Harajin ya shige cikin kuɗin tayar ke nan.

Alhaji Mai Sito

'Yata Maman Zainab, ki gode wa Allah kayanki iri ɗaya ne. Ni kaya biyu nake riƙe da su, wasu da haraji, wasu kuma doka ta keɓe su. Shekarata ta farko duk rasiɗin da ke da haraji sai in zuba shi a layin saye. Da masu bincike suka zo, wata yarinya ce a cikinsu ta ɗauki takardar wutar sito, ta ce, "Baba, wutar nan kayan haraji kaɗai take haskawa?" Na ce a'a, sito ɗaya ne. Ta ce to sai an raba.

Harajin da ke kan takardar 12,000 ne. Cinikina kashi uku cikin huɗu na kayan haraji ne, sai aka bar mini 9,000, sauran 3,000 ya zama nawa na ɗauka. Wanda na biya kai tsaye don kayan da aka keɓe, kamar kwali da kuɗin dakonsu, shi ko sisi ba a rage mini ba. Na biya cikon da tara a kai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin ba da niyya na yi ba.

Abin da ya ɗaure mini kai lokacin shi ne maƙwabcina mai fitar da kaya ƙasar waje. Shi ma ba ya karɓar haraji a hannun masu sayensa, amma ana mayar masa da duk wanda ya biya. Ashe nasa kayan suna cikin haraji, kason ne aka sa sifili. Nawa kuwa an fitar da su daga tsarin gaba ɗaya. A bakin kanta duk ɗaya suke, mai saye bai biya komai ba, a littafi ne suke rabuwa.

Maman Zainab

Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Na ja layi biyu a littafi tun daren jiya, rasiɗan biro kuma na ba su ambulan nasu. Saura abu ɗaya. Cikin watan nan wani ɗan kwangila ya ɗauki kayan 240,000 bashi, na rubuta masa takarda, ya ce sai bayan wata biyu. Harajin ciki 40,000 ne idan na raba shida. Zan biya shi yanzu alhali kuɗin bai shigo ba?

Malam Akanta

Rabonki daidai ne, Hajiya. A yawancin ƙasashe ranar da kika ba da kaya ko kika rubuta takardar ita ake dubawa, ko an biya ki ko ba a biya ba, don haka 40,000 ɗin na wannan watan ne. Wasu ƙasashen sun yi wa ƙananan 'yan kasuwa sassauci. A Birtaniya akwai tsarin da ba ka sa harajin sai kuɗi ya shigo, amma kai ma ba ka cire na saye sai ka biya dila, idan kuma ba ka cikin wannan tsarin, bashin da ya haura wata shida ba a biya ka ba kana iya neman a mayar maka da harajinsa. Ki tambayi mai duba miki littafi ko dokarku ta tanadi irinsa.

Alhaji Mai Sito

Malam, ni fa tun da na ƙone sau ɗaya ba na ba da bashi sai an ajiye mini kuɗin harajin tukuna, sauran a biyo ni da shi.

Hauwa Kulu

Baba, wannan sai ku manya. Ni in na faɗa wa ɗan kwangila haka, shagon gaba zai wuce. Yaya, ke kina ganin naki zai yarda?