Sakamakon gwajin foraj: taron injiniyoyi ran Talata, taron ƴan gari ran Alhamis

Illa: Assalamu alaikum. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin ruwa a nan Tawa, kuma an ɗora mani gabatar da sakamakon gwajin wani sabon foraj sau biyu a mako guda: ran Talata gaban injiniyoyin ma'aikatar ruwa, ran Alhamis gaban mai gari, kansiloli da kwamitin kula da famfo, wanda rabinsa mata ne. Na shirya shafi 24 a PowerPoint. Ruwan yana tsaye a zurfin mita 42, in aka ja mita kub 8 a awa sai ya sauka zuwa mita 61 ya tsaya nan, amma da muka ja 12 bai daina sauka ba. Ƙarfen da ke cikinsa ya ɗan ɗara miligiram 0,3 a lita. Shin in rage shafukan nan ne in kai wa ƴan gari, ko kuwa in sake shiri daga tushe?

Mahamadu: Abin da zan gaya maka shi ne ka tabbatar da wuta kafin komai, domin na taɓa ɗaukar majigi zuwa wani gari, muka tarar makarantar da za a yi taron ba ta da ko soket guda. Ka buga hotunanka a babbar takarda, jika 8 ake yin ɗaya.

Rabi: Malam Mahamadu, wannan tsohon farashi ne, ni jika 15 na biya a Yamai, kuma ba mai launi sosai ba. Illa, ka cire lissafi gaba ɗaya ran Alhamis, ka gaya masu ruwa ya samu kuma yana da kyau, domin shi kaɗai suke son ji.

Malam Isufu: Hajiya Rabi, a nan ban bi bayanki ba. Illa, ƙanena, kada ka fara da tambayar shafi nawa za ka rage, ka fara da tambayar abin da kowane taro zai yanke bayan ka zauna. Injiniyoyi za su yanke ko sun yarda da 8 ɗin nan taka, saboda haka hanyar da ka bi ita ce abin da suke nema: matakai nawa ka yi a gwajin, awa nawa ka ja ruwan ba tsayawa, yadda ya koma mazauninsa bayan an kashe injin, da zurfin da za a rataya famfon, wanda zai zarce mita 61. Ka sa ran za su tambaye ka watan da aka yi gwajin, domin abin da aka auna bayan damina ba lallai ne ya tsaya haka a Afrilu ba.

Ƴan gari kuwa ba za su binciki lissafinka ba, za su yi aiki da shi ne. Famfo mai aiki da hasken rana ka ƙiyasta masa kamar awa 6 na cikakken aiki, wato mita kub 48 a wuni, kuma tunda bido 40 na lita 25 ke cika mita kub guda, ka samu bido 1.920. Idan mutanen garin 2.000 ne kuma kowa ya ci lita 20, bido 1.600 sun tafi, saura 320. Waɗannan 320 su ne zancenka na ran Alhamis, domin a kansu za a yi gardamar ko a shayar da garke, ko a ba matan lambu, kuma ba za su ishi duka biyun ba.

Abdu: Ni abin da Hajiya Rabi ta faɗa shi na yi, kuma har yau ina jin ɗacinsa. Shugabana ya ce kada in wahalar da tsofaffi da lambobi, sai na tsaya gaban jama'a na ce ruwa ya wadata, aka yi guɗa, aka ba ni zabi biyu na tafi da su. Ba wanda ya ji daga bakina cewa ruwan yana da iyaka. Da rani ya tsananta kwamiti ya buɗe wa garkunan da ke wucewa, sannan suka haɗa kuɗi suka ɗauko janareto domin famfo ya yi aiki har dare. Shato ya daina cika, robine na tofar da iska, mata na kwana a layi, daga ƙarshe famfon ya ja iska ya ƙone. Da aka zauna neman mai laifi, mai gari ya maimaita maganata kalma bayan kalma, kuma gaskiya ya faɗa. Shugaban da ya hana ni faɗin lambobi bai buɗe baki ba, kuma ba a sake tura ni wancan yankin ba. Rahoton da iyakar ke rubuce a cikinsa yana ofis da Faransanci, ba wanda ya taɓa karanta masu shi.

Rabi: Allah ya kyauta, Malam Abdu, amma ni ma da dalilina. Na ga taron da wani ya ce ƙarfen ruwa ya wuce ƙa'ida, kafin magariba labari ya zama an ce ruwan guba ne, mata suka koma tabki. Kuma ni na shekara da shekaru ina zama da kwamitocin mata, ba daga ofis nake magana ba.

Malam Isufu: Ba wanda ya raina zamanki da su, Hajiya, kuma labarinki gaskiya ne, sai dai maganinsa ba ɓoyewa ba ne. Ƙarfe a wannan mizani yana sa ruwa ya yi ja in ya kwana, ya ɓata farin tufafi, ya ɗan canza ɗanɗano, amma ba shi ne ke cutarwa ba. Illa ya je da kwalba biyu, ɗaya ta ranar, ɗaya wadda ta kwana, ya nuna masu jan da ya kwanta a gindi, ya faɗa da bakinsa cewa za su ga haka, sannan ya sha a gabansu. Abin da ba a sassautawa shi ne sinadarin fuliyor in ya wuce miligiram 1,5 a lita, ko na nitrat in ya wuce 50, kuma duk wanda ya san abin da ruwa mai fuliyor ya yi wa haƙora da ƙasusuwan yaran Tibiri ta Maradi ba zai yi wasa da wannan ba.

Mahamadu: In zai sha, to ya sha ta ranar, kada ya ɗauki wadda ta kwana ya yamutsa fuska gaban mai gari, taron ya watse! Kuma ka yi hattara da kuɗi, Illa: in ka ce kuɗin bido ashirin da biyar ne, dala za su ji, alhali dala biyar kake nufi.

Illa: Na gode ƙwarai. Babanmu Malam Isufu, wani kansila da ya yi karatu zai zauna a tarukan biyu. In ya ji awa 6 ran Alhamis alhali ran Talata na nuna cewa da hazo abin yana raguwa, ba zai ce na canza magana ba?

Malam Isufu: Lambar ta zama ɗaya a wuri biyu, awon kawai ke canzawa. Ka gaya wa ƴan gari cewa ranar hazo ko ƙura shato ba zai cika ba, kuma ka riƙe takardun Talata a jaka saboda irinsa.

Zainabu: Ni ma'ajiyar wani kwamiti ce, kuma mu dala uku muke sayar da bido, ba biyar ba. Abin da ke damuna shi ne duk ku masu zuwa bayani kuna naɗe takardunku ku tafi da su. Famfonmu ya lalace bara, mai gyara ya tambaye mu zurfin da aka rataya shi, ba wanda ya sani a garin, kuma lambar wayar da aka bar mana ta daina shiga. Wa ya kamata ya bar mana wannan a rubuce da Hausa, kamfanin da ya haƙa ko ma'aikatar magajin gari?

Abdu: A ganina kamfani ne, amma ban taɓa ganin kwangilar da ta tilasta masa yin hakan da Hausa ba.

Rabi: A'a, komin ce mai foraj ɗin, ita ya kamata ta nema tun ranar karɓar aiki.