Don Allah ku taimaka min da wasiƙar ban haƙuri ga kwastoma

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗinki ne a Tudun Wada nan Kaduna, wata Hajiya ta ba ni atamfa kala 6 na bikin ƙanwarta ta biya rabin kuɗi, naira 15,000, na ce mata ran Laraba, sai keken sufilata ya lalace ga rashin wuta, ban gama ba sai Asabar har kamu ya wuce. Wallahi abin na damuna, shekara 3 nake mata ɗinki.

Na rubuta wasiƙar sau 2 ina gogewa, duk na sa maganar keke da wuta sai in ga kamar kare kaina nake. In cire dalilin ne gaba ɗaya? Sannan in yafe mata cikon 15,000 ko rabi ya isa in kai mata kayan har gida da kaina?